Gurbi biyar na cron: yadda layi ɗaya ke tsara lokutan wallafa saƙo

Shafukan labarai da na kasuwanci da yawa suna fitar da saƙo a lokaci guda kowace rana, ko da kuwa duk ma'aikatan gidan suna barci. Abin da ke yin wannan aiki a kwamfutocin da ke riƙe da shafukan, waɗanda masu sana'ar ke kira saba, galibi wata tsohuwar manhaja ce mai suna `cron`. An ƙirƙiro ta tare da tsarin Unix a Bell Labs da ke Amurka cikin shekarun 1970, sannan a 1987 Paul Vixie ya fitar da wani sabon samfurinta, wanda daga gare shi ne mafi yawan waɗanda ke kan Linux a yau suka samo asali. Ana gaya wa manhajar lokacin da ake so ne da gajeren layi mai gurbi biyar, kuma wannan salon rubutu ya bazu har ya shiga manhajoji masu yawa da ba su da wata alaƙa da Unix.

Kafin a shiga gurbin ɗaya bayan ɗaya, akwai abu guda da ya kamata mai koyo ya riƙe, domin kusan duk kurakuran da ake yi daga rashin saninsa suke tasowa. Manhajar `cron` ba ta ƙirga tazara tsakanin aiki da aiki, kuma ba ta tuna lokacin da ta yi aikin baya. Ta fi kama da mai gadi da aka ba wa takarda mai sharuɗɗa biyar: duk minti ɗaya ya ɗaga kai ya dubi agogo da kalanda, in abin da ya gani ya dace da takardar ya buga ƙararrawa, in bai dace ba ya jira minti na gaba. Iyakar aikinta ke nan. Ita kanta ba ta san abin da ake wallafawa ba. Tana tayar da umarnin da aka rubuta a gaban gurbin ne kawai, umarnin kuma shi ke ɗauko saƙon ya ɗora a shafi.

A ɗauki misalin wani ƙaramin shafin labarai a Kano da ke son fitar da taƙaitattun labaran safe da ƙarfe 7:30, daga Litinin zuwa Juma'a. Layin da zai yi wannan aiki shi ne:

```
30 7 * * 1-5 /home/edita/wallafa.sh
```

Ana karanta shi daga hagu zuwa dama, kuma fili ne ke raba gurbi da gurbi. Gurbi na farko minti ne, daga 0 zuwa 59. Na biyu awa ce, daga 0 zuwa 23, wato lissafin awa 24, inda ƙarfe 12 na dare yake 0, ƙarfe 2 na rana yake 14, ƙarfe 8 na dare kuma 20. Na uku ranar wata ce, daga 1 zuwa 31. Na huɗu watan kansa, daga 1 na Janairu zuwa 12 na Disamba. Na biyar ranar mako ce, daga 0 zuwa 6, Lahadi ita ce 0, Litinin 1, haka har Asabar da take 6. A samfurin Vixie ana karɓar 7 ma a matsayin Lahadi. Abin da ya biyo bayan gurbi na biyar ba ya cikin jadawalin, shi ne umarnin da za a tayar. Saboda haka layin na sama yana cewa: minti na 30, awa ta 7, kowace ranar wata, kowane wata, Litinin zuwa Juma'a.

Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne minti ya riga awa zuwa. Mutum ya saba rubuta 7:30, hannunsa sai ya rubuta `7 30`, wanda ke nufin minti na 7 a awa ta 30. A nan an yi sa'a, domin babu awa ta 30 kuma manhajar za ta ƙi karɓar layin. Amma wanda yake nufin 9:15 ya rubuta `9 15`, ba abin da zai gargaɗe shi, saƙonsa zai fita da ƙarfe 3 da minti 9 na yamma, tun da 15 awa ce da ke akwai.

Alamomi huɗu ne ake cika gurbin da su ban da lambobi. Tauraro, wato `*`, yana nufin kowace lamba ta dace. Waƙafi yana jera lambobi, kamar `1,3,5` a gurbin mako, wato Litinin da Laraba da Juma'a, kuma ba a barin fili bayan waƙafin, domin fili yana nuna an shiga gurbi na gaba ne. Karan ɗori yana nuna daga kaza zuwa kaza, har da na farkon da na ƙarshen. Ta huɗu ita ce karkatacciyar sanda, `/`, wadda ke nuna tsallake. In editan shafin ya ƙara bugu na rana da na dare, kuma ya ce kowace rana ne har da ƙarshen mako, sai a rubuta:

```
30 7,13,20 * * *
```

Wannan ya ba da 7:30 na safe, 1:30 na rana da 8:30 na dare. In kuwa yana son na safe da ƙarfe 7:30 amma na dare da ƙarfe 8 daidai, layi ɗaya ba zai ɗauka ba, domin duk mintin da aka rubuta yana hawa kan duk awar da aka rubuta. `0,30 7,20 * * *` sau huɗu zai wallafa: 7:00, 7:30, 8:00 na dare da 8:30 na dare. Maganin abin shi ne a rubuta layi biyu, kowane bugu da nasa. Babu laifi ko kaɗan a yawan layuka, kuma layi biyu da kowa zai iya karantawa sun fi layi ɗaya mai wayo wanda sai mai shi ke gane shi.

Tauraro shi ne alamar da ta fi sauƙi, shi ne kuma ya fi jawo abin kunya. Wanda ke son saƙo ɗaya da ƙarfe 8 na safe yakan yi tunanin cewa tun da bai damu da minti ba, sai ya bar tauraro a gurbin, ya rubuta `* 8 * * *`. Manhajar kuwa za ta duba da 8:00 ta ga ya dace, ta duba da 8:01 ta ga ya dace, haka har 8:59. Sakamakon shi ne saƙo 60 a jere cikin awa guda, abin da ke iya sa masu bibiya su gudu, ko dandalin da ake aikawa ya ɗauki asusun a matsayin mai damun mutane ya dakatar da shi. Daidai ɗin shi ne `0 8 * * *`. A jadawalin wallafa, tauraro tsura a gurbin farko kusan kullum kuskure ne, kuma wurin ne ya kamata ido ya fara sauka a duk layin da aka kawo a duba.

Tsallake yana bukatar a ɗan tsaya a kansa. `*/15` a gurbin minti ana yawan fassara shi da "duk bayan minti 15", kuma a aikace haka yake fitowa: 0, 15, 30, 45. Amma ainihin ma'anarsa ita ce a fara daga lambar farko ta gurbin, a riƙa tsallake 15 har gurbin ya ƙare. Bambancin ba ya bayyana sai lambar ba ta raba 60 daidai ba. `*/25` zai ba da minti 0, 25 da 50, sannan sabuwar awa ta shigo a koma 0, wato tazarar ƙarshe minti 10 ce kacal. Haka abin yake a gurbin awa: `0 */5 * * *` zai wallafa da awa 0, 5, 10, 15 da 20, daga 20 zuwa 0 kuma awa huɗu ce. Wanda ke son tazara madaidaiciya sai ya zaɓi lambar da ke raba 60 a minti, kamar 5, 10, 15, 20 ko 30, ko wadda ke raba 24 a awa, kamar 2, 3, 4, 6, 8 ko 12. Ana kuma iya haɗa tsallake da iyaka don kada a tashi mutane da tsakar dare. `0 8-20/4 * * *` zai fitar da saƙo da ƙarfe 8 na safe, 12 na rana, 4 na yamma da 8 na dare, ya yi shiru har wayewar gari.

A gurbin ranar wata matsalar ta fi tsanani, saboda watanni ba tsawonsu ɗaya ba. Editan da ke son sharhi na musamman duk bayan mako biyu zai iya gwada `0 9 */14 * *`. Tun da wannan gurbin daga 1 yake farawa, ranakun da za su fito su ne 1, 15 da 29, sannan 1 ga sabon wata ta sake zuwa bayan kwana biyu ko uku. Gaskiyar magana ita ce gurbi biyar ba za su iya faɗin "duk bayan mako biyu" ba, domin hakan yana bukatar a tuna makon da ya wuce, manhajar kuma ba ta tuna komai. Ko dai a haƙura da `1,15`, wato sau biyu a wata, ko a sa layin ya tashi kowane mako, a bar umarnin da kansa ya duba ko makon nan na wallafa ne. Irin wannan ce ke samun mai son ranar ƙarshe ta wata. In ya rubuta 31, watanni bakwai ne kawai a shekara za su samu saƙon; Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba za su wuce shiru, kuma ba za a ga wani saƙon kuskure ba, domin a wajen manhajar babu abin da ya lalace, sharaɗi ne bai cika ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da saƙon 1 ga wata.

Sai kuma ƙa'idar da ta fi kowace ba da mamaki, wadda ta shafi gurbi na uku da na biyar. A ko'ina cikin layin, dole duk gurbin su dace a lokaci guda kafin aiki ya tashi. Amma in aka sa lambobi a ranar wata, aka kuma sa lambobi a ranar mako, to dacewar ɗaya daga cikinsu ta wadatar. A ce shafin na Kano yana son fitar da rahoton wata-wata a Juma'ar farko ta kowane wata da ƙarfe 9 na safe. Tunanin da zai zo wa kowa shi ne Juma'ar farko ba ta wuce tsakanin 1 da 7 ga wata, don haka sai a rubuta:

```
0 9 1-7 * 5
```

Lissafin yana da kyau, amma manhajar ba haka za ta karanta ba. A wajenta layin yana nufin kowace rana daga 1 zuwa 7, da kuma kowace Juma'a. A gwada shi a kan Janairun 2025, wanda ya kama ranar Laraba. Juma'o'in watan sun faɗo a 3, 10, 17, 24 da 31. Rahoton zai fita kwana bakwai a jere daga 1 zuwa 7, sannan ya sake fita a 10, 17, 24 da 31, jimilla sau 11 a maimakon sau ɗaya. Gyaran da aka saba yi shi ne a bar gurbin mako da tauraro, a mayar da binciken Juma'ar cikin umarnin:

```
0 9 1-7 * * [ "$(date +\%u)" = 5 ] && /home/edita/rahoto.sh
```

Yanzu layin yana tashi kowace safiya daga 1 zuwa 7, sai umarnin `date +%u` ya faɗi lambar ranar mako, inda Litinin take 1, Juma'a kuma 5. In lambar ba 5 ba ce, a nan aikin zai tsaya. Sandar da ke gaban alamar `%` ba ado ba ce: a cikin fayil ɗin jadawalin, `%` tsura yana nufin a yanke layin a nan, shi ya sa ake sa mata `\` a gaba. Mutane da yawa sun sha wahalar umarnin da ke aiki lafiya in sun buga shi da hannu amma ya mutu a cikin jadawali, alhali wannan alamar ce kaɗai sanadi.

Ko da layin ya fita ba kuskure, saura tambayar agogon wa ake bi. Manhajar tana bin agogon kwamfutar da take kai ne, kuma sabar da ake haya a intanet yawanci an saita ta a kan lokacin `UTC`. Nijeriya da Nijar suna gaban wannan lokaci da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Saboda haka `30 7 * * 1-5` a kan irin wannan saba zai fita da 8:30 a Kano da Maraɗi, amma 7:30 a Kumasi. Mai son 7:30 na Kano sai ya rubuta `30 6 * * 1-5`. Wurin da ake zamewa shi ne kusa da tsakar dare, inda ragin awa ɗaya ke canza ranar ma. Ƙarfe 12:30 na daren da zai waye Litinin a Kano, a lokacin `UTC` 11:30 ne na daren Lahadi, don haka layin zai zama `30 23 * * 0`. Wanda ya gyara awar ya manta da ranar, saƙonsa zai makara da kwana guda cur. Akwai kuma sabar da ke bin agogon ƙasashen da ke canza lokaci sau biyu a shekara. Agogon Landan, alal misali, daidai yake da na Kano daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sauran watannin kuma yana baya da awa ɗaya, sai a ga jadawalin da ya yi wata bakwai yana tafiya daidai ya wayi gari yana makara. Buga `date` a kan sabar kafin a rubuta komai yana nuna lokacinta da yankin da take bi, kuma bai kai daƙiƙa biyar ba.

Daga nan ake gane wata iyaka da ta shafi masu karatu a ƙasar Hausa kai tsaye. Gurbin wata da na ranar wata kalandar miladiyya kawai suka sani. Ba za a iya rubuta 1 ga Ramadan ko 10 ga Muharram a cikinsu ba, balle a ce sai an ga wata. Haka lokutan salla, tun da suna matsawa da tafiyar rana, saƙon da ake so ya fita daidai faɗuwar rana ba zai tsaya a kan lamba ɗaya ba. Abin da ake yi shi ne a sa layi ya tashi sau ɗaya da sassafe, umarninsa ya lissafa lokacin ranar, ya tsara fitar saƙon da kansa.

A kan Linux, ana buɗe jadawalin da `crontab -e`, ana duba abin da ke ciki da `crontab -l`. Akwai na uku, `crontab -r`, wanda ke goge jadawalin gaba ɗaya, galibi ba tare da ya tambaya ba, kuma harafin `r` yana maƙwabtaka da `e` a kan allon bugu, don haka ajiye kwafi a wani fayil dabam wajibi ne ga duk mai aiki da shi. Samfurin Vixie da 'ya'yansa suna kuma karɓar gajerun sunaye a madadin gurbi biyar ɗin: `@daily` daidai yake da `0 0 * * *`, `@weekly` kuma `0 0 * * 0`, wato tsakar daren da zai waye Lahadi. Ga mai wallafa ba su da amfani sosai, domin da wuya a samu wanda ke son saƙonsa ya fita da ƙarfe 12 na dare.

In lokaci ya yi saƙo bai fito ba, abin da za a fara rarrabewa shi ne ko jadawalin ne bai tashi ba, ko ya tashi umarnin ne ya faɗi. Manhajar tana rubuta duk aikin da ta tayar a cikin kundin ayyukan kwamfutar, wanda a Ubuntu yakan kasance `/var/log/syslog`, a dangin Red Hat kuma `/var/log/cron`. In an ga layin a kundin daidai lokacin, to jadawali ya yi nasa, sai a koma kan umarnin. Sau da yawa laifin shi ne ba a rubuta cikakken adireshin fayil ɗin ba, domin `cron` ba ta san duk wuraren da mutum ke samun manhajojinsa in ya shiga da kansa ba. In ba a ga layin ba, ko dai gurbin ba su dace da lokacin da ake zato ba, ko kwamfutar a kashe take. Wannan na ƙarshen babban al'amari ne ga wanda ya ɗora jadawalinsa a kan kwamfutar ofis a garin da ake yawan ɗauke wuta. In wuta ta tafi da 7:25 ta dawo da 7:40, bugun 7:30 ya wuce ke nan, `cron` ba za ta rama ba, domin mintin da ya dace ya shuɗe tana kashe. Akwai wata manhaja mai suna `anacron` da ke rama aikin da aka rasa bayan an kunna kwamfuta, sai dai ita da kwanaki take lissafi, ba ta yi wa kowa alkawarin minti ba. Jadawalin da lokacinsa ke da muhimmanci, wurinsa saba ce da ba ta mutuwa.

Abu na ƙarshe shi ne ba duk manhajar da ta ce tana karɓar layin `cron` ke bin ƙa'ida ɗaya ba. Quartz, wadda masu rubuta manhaja da Java ke amfani da ita, tana ƙara gurbin daƙiƙa a farko, ta zama da gurbi shida, ko bakwai in an haɗa da shekara, kuma a wajenta Lahadi 1 ce, saboda haka 5 Alhamis ce. Tana da ƙarin alamomi irin su `L` na ranar ƙarshe ta wata da `#` na "ta nawa a wata", har `6#1` ya ba da Juma'ar farko kai tsaye, amma waɗannan ba sa aiki a `crontab` na yau da kullum. Don haka layin da aka kwafo daga wani wuri sai an ƙirga gurbinsa, an kuma tabbatar da lambar da Lahadi take ɗauka a manhajar da za a sa shi. Manhajoji da yawa suna nuna jerin lokutan da layin zai tashi nan gaba. Inda babu wannan, sai a ɗauki kalanda a fitar da lokuta biyar na gaba da hannu, a tabbatar lissafin ya ƙetara ƙarshen mako da ƙarshen wata, sannan a fara gwadawa da umarnin da ke rubuta lokaci a fayil kawai kafin a haɗa shi da shafin da jama'a ke gani.